Wasiƙar Shaida Kan Malama Fatsuma Lawan Sale, Mai Neman Gurbin Digiri na Uku

Sashen Harsuna da Kimiyyar Harshe,
Jami'ar Maiduguri,
Jihar Borno.
14 ga Oktoba, 2025.

Shugaban Kwamitin Zaɓen Ɗaliban Digiri na Uku,
Sashen Harsunan Nijeriya,
Jami'ar Bayero, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran malaman sashe, na rubuto ne domin in ba da shaida a kan ɗalibata, Malama Fatsuma Lawan Sale, wadda ta nemi gurbin digiri na uku a wurinku, a fannin kimiyyar harshe, ɓangaren siffanta harsuna. Burinta ta rubuta nahawun harshen Ɗuwai na Jihar Yobe. Ina goyon bayan wannan nema da zuciya ɗaya, kuma ga dalilaina.

Na san Fatsuma tun 2017, tana aji biyu, lokacin da na koyar da ajinsu ilimin furuci da tsarin sauti. Daga baya ni na duba kundin digirinta na biyu, wanda ta kare a 2023. Shekara takwas ke nan ina ganin aikinta, a aji da ofis, sau biyu kuma a filin bincike.

Abin da na fara lura da shi kunnenta ne. A makon da muke shiga karin sauti, nakan furta wa ɗalibai kalmar kuka sau biyu, ta hawaye da ta bishiya, in ce su rubuta inda murya ta hau da inda ta sauka. Kowa a ajin yana jin bambancin, ai Hausa suke yi tun suna goye, amma kaɗan ne ke iya ɗora alama daidai a karon farko. Fatsuma ta ɗora, sannan ta ɗaga hannu ta ce a Badanci da take ji a gida, akwai kalmar da karin sautinta ke sauyawa idan wata kalma ta gabace ta, ko Hausa ma tana haka? Ba ta karanta komai a kan wannan ba a lokacin. Ji ta yi. Wannan tambayar ce ta girma ta zama kundinta bayan shekara shida.

Kundin ya duba alaƙar baƙaƙe da karin sauti a Badancin Gashuwa. Sananne ne ga masu nazarin harsunan Cadi cewa a Bade karin sautin sama yakan bazu zuwa gaɓar da ke biye, sai dai idan tsayau ko zuzau mai ziza ya tare hanya, kuma haɗiyau irin su ɓ da ɗ ba sa tarewa. Marigayi Russell Schuh ya daɗe da bayyana haka. Abin da Fatsuma ta ƙara shi ne ta fitar da maganar daga jerin kalmomi ta kai ta cikin zance. Ta naɗi muryoyin mutum tara, maza huɗu mata biyar, ta rubuta hira da tatsuniya na kusan awa shida a manhajar ELAN, ta auna hawa da saukar murya a manhajar Praat, domin ta ga ko dokar tana tsayawa yadda littafi ya ce idan mutum na magana a sake.

A nan ne abin da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa da ƙarfin gwiwa ya faru. Saura mako uku ta miƙa kundin, babi na huɗu ya kammala, ni kaina na karanta na sa hannu. A cikinsa ta yi iƙirarin gano wata doka da ba a taɓa ambata ba, game da saukar murya a ƙarshen yankin suna. Na yi murna da ita, har na fara tunanin mujallar da za mu aika. Ranar wata Talata da azahar sai ga ta a ofis da kwamfutarta da abin saurare guda biyu. Ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Malam, saurari wannan. Ina jin na yi kuskure." Muka zauna muka bi misalai arba'in da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Ashe talatin da huɗu daga cikinsu daga bakin mutum ɗaya suka fito, wani malamin firamare mai kirki wanda ya riƙa karanto jimlolin daga takarda da muryar da yake karanta wa yara darasi. Saukar da ta auna salon karatunsa ce, babu ruwan nahawun Bade. Babu wanda zai gane, ni ban gane ba, mai jarrabawa na waje ma da wuya ya nemi ya saurari muryoyin. Ta cire dokar da hannunta, ta hau mota ta koma Gashuwa a tsakiyar damina, ta sake naɗa ba tare da takarda ba, ta sake rubuta babin. Ya fito ya fi na farko gajarta, babu sabuwar doka a cikinsa, amma duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ta kuma rubuta kuskuren da dalilinsa a babin hanyoyin bincike, don kada na baya ya faɗa ramin.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin nauyin wannan a fanninmu. Mai rubuta nahawun harshen da ba a siffanta ba sau da yawa shi kaɗai ne shaida. Abin da ya rubuta shi za a yi ta kwafa shekara talatin, a gina nazari a kai, ba wanda zai koma ƙauyen ya tantance. Shi ya sa idan aka tambaye ni wa za a damƙa wa irin wannan aiki, amana nake fara dubawa kafin basira. Fatsuma tana da duka biyun.

Sai batun zama da mutane. Na raka ta ƙauyukan gabas da Gashuwa a Disambar 2022. Dabarar da muke koyarwa ta gano karin sauti ita ce a sa mai magana ya yi fito da kalmar, to amma wace dattijuwa ce za ta yi fito a gaban baƙi? Na ga ɗalibai da dama sun tsaya cak a nan, suka koma aiki da maza zalla. Fatsuma ta zauna a tabarma kusa da wata tsohuwa mai ɓare gyaɗa, ta ja kwaryar ta taya ta, ta ce, "Iya, ki rufe baki ki yi mini ita da hanci, kamar kina lallashin jariri." Tsohuwar ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi, sannan ta yi. Kafin la'asar mata huɗu ne a tsakar gidan suna gardama a kan yadda ake faɗin wata kalma, na'ura tana ɗauka da izininsu. Kafin ta kunna ta, sai da ta je gaisuwa wurin mai gari, ta nemi yardar maigidan, ta kuma bayyana wa matan inda muryoyinsu za su je. Da ta gama digiri ta mayar wa kowane gida da muryarsa a katin waya.

Game da aikin da take nema ta yi, ina ganin zaɓin Ɗuwai daidai ne kuma a kan lokaci. Ɗuwai ɗan'uwan Bade da Ngizim ne a reshen yamma na harsunan Cadi. Sunansa ya shiga littafi tun 1854, lokacin da masanin harsuna Koelle ya wallafa kalmominsa da ya tattara a Saliyo tare da na 'yan'uwan nasa biyu. Ngizim ya sami ƙamus daga Schuh a 1981, aikin harsunan Yobe da ya yi da Farfesa Alhaji Maina Gimba na nan jami'armu kuma ya samar da ƙamusoshin Bole da Karekare da Ngamo da Bade da Ngizim. A cikin gidan nan uku, Ɗuwai ne aka fi bari a baya. Yaran yankin kuwa Hausa ce ke ƙara zama harshensu na wasa da kasuwa. Mun san abin da ya sami 'yan'uwansu Auyokanci da Shiranci da Teshenanci, waɗanda 'yan kalmomi kawai suka rage mana a takarda. Mahaifiyar Fatsuma Baɗuwaya ce. Ita kanta tana jin harshen sosai, ko da yake ta faɗa mini ba ta kai masu shi iya magana ba, kuma ba ta ɗauki kanta a matsayin madogara ba. Tana da Badanci da Hausa kamar ruwa, da Barbarci gwargwado, wanda zai taimaka mata wajen rarrabe kalmomin aro. Na karanta tsarin bincikenta: sauti da karin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, matani masu fassara, da ƙaramin ƙamus. Tsari ne da za a iya gamawa a shekara huɗu.

Ba zan ɓoye inda take buƙatar mai riƙe hannu ba. Ginin jimla bai zauna mata kamar tsarin sauti ba. Harsunan gidan nan suna da al'amura masu wuya a wannan ɓangare, misali yadda aikau ke komawa bayan aikatau a Bade da Ngizim idan shi ake tambaya ko ake ƙarfafawa, kuma za ta buƙaci karatu mai zurfi kafin ta tunkari irinsu a Ɗuwai. Na biyu, tana jinkirin fara rubutu. Kullum tana ganin saura mutum ɗaya da ya kamata ta saurara. Na gano cewa idan aka yanka mata rana ba ta saɓawa, don haka ina shawartar duk wanda zai duba ta ya yanka mata ranaku tun daga zangon farko.

Ta koyar da 'yan aji ɗaya rubutun sauti zango biyu a ƙarƙashina, ta yi haƙuri da su, makinta kuma babu son kai. Tana da aure da yaro ɗaya, iyalinta suna goyon bayan karatun, sun kuma riga sun shirya zamanta a Kano.

A cikin ɗaliban digiri na biyu da na duba a shekara ashirin da biyu, ina sa Fatsuma cikin ukun farko, a aikin fili kuwa ita ce ta ɗaya. Ina roƙon kwamiti ya ba ta wannan gurbi. Idan ana son ganin kundin ko sauraren muryoyin da ta naɗa, ta ba ni izinin aiko su, tare da tsohon babi na huɗu da sabon, domin kwamiti ya kwatanta da kansa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya. Wassalam.

Naka,
Farfesa Bukar Modu Gana