Wasiƙa zuwa ga Malam Dakta Bello: roƙon takardar shaida

Gombe, Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Dakta Bello,
Tsangayar Aikin Gona,
Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Malam da iyali kuna lafiya, ya aiki, ya kuma fama da ɗalibai.

Ni ce Hauwa'u Adamu, 'yar Kumo, wadda ta gama digiri na farko a hannunka a 2023. Na san ɗaliban da suka wuce ta gabanka suna da yawa, don haka bari in tuna maka. Ni ce mai aikin adana wake, wadda ta jera buhunan kanannado a ɗan ɗakin ajiya na Gubi har wata huɗu, kana tsokanata da "Hajiya mai wake". Ka koyar da mu darasin ƙwarin amfanin gona a aji uku, da na adana amfani bayan girbi a aji biyar, sannan kai ka duba aikina na kammalawa.

Malam, alfarma nake nema. Na cike takardar neman digiri na biyu a fannin kare amfanin gona a Jami'ar Bayero da ke Kano, tare da neman tallafin kuɗin karatu. Ana buƙatar mutum biyu da za su ba da shaida a kaina. Shugabana na wurin aiki ya amince zai zama na biyu, zai yi magana kan halayyata da riƙon aiki. Amma ɗayan dole ya kasance malamin da ya ga karatuna da idonsa, kuma duk jami'ar babu wanda ya san yadda nake aiki kamar kai. Ina roƙon ka zama mai shaidata na farko.

Abin da ake so bai wuce shafi ɗaya ba, da Turanci, a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannunka da hatimin sashe. Za su so su ji tun yaushe ka san ni da kuma ta wace hanya, yaya ƙwazona yake idan aka gwada da 'yan ajinmu, sannan ko kana ganin zan iya gudanar da bincike ni kaɗai. Za a rufe karɓa ranar Juma'a, 31 ga Oktoba. Idan ta samu kafin 24 ga wata, hankalina zai fi kwanciya. Ba sai Malam ya aika ko'ina ba. Ƙanena Usman yana aji biyu a harabar Yelwa, zai zo ofis ya karɓa a rufe cikin ambulan duk ranar da ka sa masa, ko ni da kaina in shigo motar safe daga Gombe in juya da yamma.

Don kada sai ka tono tsofaffin fayiloli, ga abin da muka yi. Mun raba waken gida huɗu: wani a buhu na yau da kullum ba a sa masa komai ba, wani an gauraya shi da toka, wani da garin ganyen dogon yaro, na ƙarshe kuma a buhun nan mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Duk bayan mako biyu nakan ɗebi ƙwaya 100 daga uku na farko in ƙirga masu huda. Mai hawa ukun kuwa ka hana ni buɗewa sai ranar ƙarshe, ka ce amfaninsa duka yana wajen toshe iska: ƙwaron ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Ranar da muka kwance, na buhun farko ya zama gari yana wari, toka da dogon yaro sun rage ɓarna amma ba su hana ba, na mai hawa uku kuma kamar jiya aka sussuka shi.

Akwai abu ɗaya da zan so ka ambata idan ka tuna. A mako na uku na gano ɓera ya huda ɗaya daga cikin buhunan. Na zo na faɗa maka da kaina, ka sa na sake wannan rukunin daga farko, ga shi yajin aikin 2022 ya riga ya cinye mana wata takwas, kowa yana gaggawar fita. A lokacin na ji zafi ƙwarai. Yanzu kuwa duk abin da na rubuta a takardar nema game da gaskiya a bincike, daga wannan ranar na samo shi.

Ba zan ɓoye maka inda na gaza ba, tunda za su gani a sakamakona. Na fita da daraja ta biyu babba, amma darasin ƙididdiga na aji biyu sai da na maimaita shi, shekarar da mahaifinmu ya yi jinya. Karo na biyu na ci da kyau, kuma lissafin aikina na kammalawa ni na yi shi da hannuna, kai ka duba. Idan kana ganin ya dace a yi bayani a kai, layi ɗaya ya isa.

Bayan hidimar ƙasa na dawo gida. Yanzu ina aiki da wata ƙungiyar manoma a matsayin malamar gona, ina zagaya ƙauyukan Akko da Yamaltu Deba, galibi wajen mata, don su ke adana abin da aka noma. Abin da nake gani shi ya tura ni komawa makaranta. Manomi yana sayar da wakensa da kaka, lokacin da ya fi araha, saboda tsoron ƙwari. Wanda ya daure ya ajiye kuma yakan zuba maganin feshi kai tsaye a cikin abin da yara za su ci. Malam ne ya fara gaya mana a aji cewa irin wannan maganin ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. In ka shiga Tudun Hatsi ka ga tirelolin da ake lodawa zuwa Kudu, za ka san maganar ba ƙarama ba ce. Matan sun yarda buhu mai hawa uku yana aiki. Kukansu tsadarsa, da kuma yadda ledar ke hujewa. Abin da nake son bincika ke nan: sau nawa za a iya sake amfani da buhu ɗaya kafin ya daina riƙe iska, kuma shin liƙe huda yana maido da shi.

Na haɗo da takardar tarihin karatuna da aikina, kwafin sakamako, taƙaitaccen aikin kammalawa shafi biyu, bayanin binciken da nake son yi, da takardarsu mai ɗauke da sunan ofishin da za a rubuta wa. Lambar wayata tana saman shafin farko.

Na san wannan lokaci ne na duba takardu. Idan aiki ya yi yawa, ko kana ganin wani malamin ya fi dacewa, don Allah a sanar da ni kafin ƙarshen makon nan in nemi wata hanya, wallahi ba zan ji komai ba. Ban sa sunanka a fom ba tukuna, sai na ji daga bakinka. Zan kira ranar Alhamis bayan la'asar, in Allah ya kai mu.

A gaida Hajiya da yara. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Hauwa'u Adamu