Amsa kan tayin firiza masu aiki da sola

Maraɗi, ranar Laraba

Assalamu alaikum Alhaji,

Barka da yamma, ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi.

Yaronku ya kawo takardar farashin firiza biyun da kuke so mu sa a shagonmu na Babbar Kasuwa. Ya kwatanta komai da natsuwa, har da yadda batir ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Yaron yana da ladabi, Allah ya yi masa albarka.

Alhaji, ku yi haƙuri, bana ba za mu saya ba. Kaya ba su da aibu, farashin ma babu zalunci a ciki. Kuɗin da ke hannu na zuba su a gero da wake tun da kaka, suna ajiye a sito, kuma ba na son in taɓa su kafin farashi ya ɗaga. Batun biya kaɗan-kaɗan da kuka kawo na gode da shi ƙwarai, amma ni ba na ɗaukar kaya bashi, ko daga hannun ɗan'uwa ne. Ga shi kuma sanyin hunturu ya shigo, mai neman ƙanƙara da ruwan leda ya yi ƙaranci.

Don haka kada ku wahalar da yaron da zirga-zirga, magana ta tsaya nan tukuna.

Idan Allah ya kai mu watan Maris, zafi ya fara, na sayar da hatsi, ni da kaina zan neme ku. A lokacin ku aiko da sabon farashi a sefa, tare da bayanin garanti da wanda zai riƙa gyara a nan Maraɗi.

A gaida mutanen gida.

Naku,
Elhaji Sani mai shago