Jawabin da na yi a ƙofar gidan Mai unguwa kan tarin fuka

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayena dattawa, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, samari, sannunku da fitowa duk da wannan zafi.

Yawancinku kun san ni a bakin keken ɗinki, ni ba likita ba ne, tela ne. Abin da ya sa ma'aikatan asibitin unguwarmu suka ce in tashi in yi magana shi ne na yi tarin fuka, tibi ɗin nan, na sha magani na warke, ga ni a gabanku har da tumbi. Wasu a nan sai yau suke ji, saboda lokacin cewa muka yi typhoid ne, kai har basir mun ce, komai dai banda sunan gaskiya.

To bari in fara da yadda ake ɗauka, don a nan muke tafka kuskure. Ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya da ke zama a huhu, tun 1882 wani likitan Jamus Robert Koch ya gano ta, shi ya sa duk 24 ga Maris ake ranar tarin fuka ta duniya. Ba sammu ba ne, ba gashin mage ba ne, kuma ba gado ba ne. Za ku ce ai gidan su wane kaka ya yi uba ya yi ɗa ya yi. Eh, saboda ɗaki ɗaya suke kwana, iska ɗaya suke shaƙa. In mai ciwon huhu ya yi tari ko atishawa ko ma magana, ƙwayoyin sai su fito su tsaya a iska, in ɗakin a rufe yake sai su yi awoyi suna yawo. Ku tuna ɗakunanmu lokacin sanyi, an toshe taga da kwali da leda, mutum takwas a ciki. Ku tuna shagona, mu biyar, ba taga sai ƙofa. Amma kwano, cokali, kofin shan ruwa, gaisawa da hannu, sa kaya, duk ba ta nan take bi ba. Mu kuwa me muke yi? Mu ware wa mutum kwanonsa mu ɗaura wa kwanon zare a jiki, sannan da dare mu rufe taga mu kwana tare da shi. Abu ɗaya da ya shafi ci shi ne madarar shanu, akwai irin na shanu da ake samu a ɗanyar madara, a tafasa ta kawai.

Kuma ba duk wanda ya shaƙa ne yake kwanciya ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, tana kwance shiru, ba ya ciwo ba ya sa wa kowa. Sai jiki ya yi rauni take tashi, ko yunwa, ko ciwon suga, ko sigari, ko tsufa, ko HIV. Nan ma a kula, ba duk mai tibi ne ke da ƙanjamau ba, a daina kallon mutum ya rame a yanke masa hukunci a majalisa.

Alamominta: tari ya kai sati 2 bai tafi ba, zazzaɓin yamma, gumin dare har riga ta jiƙe, ramewa, ba ka son abinci, wani lokaci jini a majina. Kar a jira jinin. Ni wata uku ina zarya kemis ina shan maganin tari kala-kala, na kashe kuɗin da ya fi na keke, alhali gwajin majina kyauta ne a asibitin gwamnati, maganin ma kyauta, ko a nan ko Asibitin Zana.

Yanzu maganar wata 6, wadda ita ta kusa kai ni lahira. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, ana ba ka gwargwadon nauyinka, sannan wata 4 magani biyu, kullum da safe kafin ka ci komai. Fitsari zai koma ja-ja, kar a tsorata, maganin ne. Amma in ido ya yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa ko gani ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ranar, kar a yanke da kai. To ni ina cika wata 2 tari ya tsaya, ina cinye malmala uku, ga ɗinkin sallah ya taru, na ce ai na warke, na jefa katin a durowa. Wata huɗu tsakani na dawo a bayan mashin ana riƙe da ni.

Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ba ta yi min faɗa ba, Allah Ya saka mata, bayani ta yi min. Wannan ƙwaya tana da kauri a jiki kamar an shafe ta da kakin zuma, kuma ba ta gaggawa, wasu ƙwayoyin cuta cikin minti 20 sun rabu biyu, ita sai ta yi kusan yini guda, wasu ma barci suke yi a lungun huhu, magani kuwa ya fi kama wadda ta farka. Ni sai na fahimce shi da kuɗin cizo, ka yi feshi manya su mutu ka yi barci mai daɗi sati biyu, ƙwan yana nan a tsagar gado. Watannin ƙarshen nan na ƙwan ne. Kuma haɗarin sha-ka-bari shi ne waɗanda suka rage su saba da maganin ya daina cin su, shi ne tibi mai taurin kai, maganinsa ya fi yawa ya fi wahala, kuma in ka sa wa ɗanka irin mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye. Ni Allah Ya rufa min asiri aka gwada aka ga nawa bai kai nan ba, na sake daga farko, wata 6 cif, uwargida ce ke miƙo min da ruwa bayan asuba tana yin alama a kati.

Abin da ya fi ciwon zafi kuwa, mutane. Da zancen ya ɗan fita sai kwastomomi suka janye kayansu, a masallaci na ga ana barin gurbi a sahu kusa da ni, har aka fara cewa kar a nemi auren ƙanwata wai gidan masu tari ne. Ban riƙe kowa ba wallahi, tsoro ne da rashin sani. Amma ku duba lissafin, wanda ya fara magani yana sha daidai, galibi bayan kamar sati 2 haɗarin ya sa wa wani ya ragu sosai. Wanda muke gudu ke nan. Wanda ke yaɗawa shi ne wanda ya ga abin da aka yi min ya ce shi kam ba za shi gwaji ba, yana nan yana tari a cikin Adaidaita da gidan kallon ƙwallo. Kuma iyayenmu mata abin ya fi taɓa su, mace ta ɓoye tari don kar a ce ta tafi gida ko a yi mata kishiya. Maigida, in ta yi tari kai za ka kai ta.

Dan Allah a buɗe tagogi rana ta shiga, mai tari ya rufe baki da hankici, in an samu mutum ɗaya a gida kowa ya je a duba shi musamman yara ƴan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su. Jarirai a yi musu BCG, allurar nan mai barin tabo a dantse. Mai jin kunya ya kira 3340, kyauta ne.

Ranar Laraba ma'aikatan za su zo nan ƙofar Mai unguwa daga ƙarfe 9 da robobin majina, mata za su shiga cikin gida wajen Hajiya. Wanda ba ya son a gan shi ya biyo ta shagona kamar ya kawo ɗinki, ni zan raka shi. Allah gafarta Malam, a yi mana addu'a kafin a fara tambayoyi.