Goro da Danfo a Cikin Labarin "Huhun Ƙarshe"

Ranar Lahadin da ta wuce, a zaman karatun da muke yi bayan La'asar a Agege, mun tashi ba mu daidaita ba a kan wani gajeren labari mai shafi goma sha takwas, wanda wata ƙanwarmu ta rubuta ta raba mana tun kafin ta kai shi ɗab'i. Sunansa "Huhun Ƙarshe". Kowa ya yarda labarin ya yi kyau. Inda aka rabu shi ne a kan abin da marubuciyar ta ɗora wa nauyin ma'ana. Wani ɗan'uwanmu, malamin makaranta da ke zuwa daga Idi-Araba, ya kafe a kan cewa motar danfo ce babbar alamar labarin, hujjarsa kuwa lissafi: ya ƙirga ya samu an ambace ta sau goma sha ɗaya. Ni kuma na ce goro ne, ko da yake fitowarsa mai nauyi huɗu ce kacal. Wannan sharhi amsa ce gare shi, cikin girmamawa, domin ya karanta labarin da fensir a hannu, abin da ba kowa ke yi ba.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Baba tsohon fatake ne na goro, wanda kakansa ya sauko daga Kano bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Yana da 'ya'ya biyu, Hajara da Sabi'u. Sabi'u ɗan acaɓa ne a Ikeja, har zuwa lokacin da gwamnatin jiha ta hana sana'ar a can a watan Yuni na 2022, ya dawo gida ya zauna ba aiki. Baba ya kwanta ciwo, ya rasu, Sabi'u ya yanke shawarar tafiya Kano, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, Hajara ta zauna.

Bari in fara da danfo. Gaskiya ne tana ko'ina a labarin: Hajara ta shige ta zuwa asibiti, ta shige ta zuwa Mile 12 cefane, Sabi'u ya tsaya jiranta a Oshodi. Malam ya ce launinta na ruwan ɗorawa yana nuna ganyen da ya fara bushewa, wato rayuwar Baba da ke ƙarewa, cunkoson cikinta kuma matsin zaman birni ne. Fassara ce mai daɗin ji, amma sai na koma shafukan na duba. Sau ɗaya tak aka faɗi launin motar, a shafi na uku, tun Baba yana da lafiya. Kuma duk mutumin Legas ya san ba marubuciyar ce ta zaɓa wa danfo launi ba, haka ta same ta a titi, ruwan ɗorawa da baƙin zane. Talakan da zai tashi daga Agege zuwa Mile 12, me zai hau? Na gwada wani abu: na ɗauki wuraren goma sha ɗayan nan na sa bas ko keke mai ƙafa uku a madadin danfo, na sake karantawa. Babu jimla ɗaya da ta rasa ma'anarta. Danfon shafi na uku ita ce danfon shafi na goma sha bakwai, ba abin da ya same ta, ba wanda ya dube ta sau biyu. Gari ne ya kawo ta cikin labarin, kamar yadda ya kawo ruwan saman watan Yuni da ƙarar janareto.

Za a iya juyo mini da hujjata: ai goro ma sana'ar Baba ce, Agege kuma tsohuwar matattarar fataucin goro ce, dole a gan shi. Haka ne, kuma shi ya sa ban ƙirga duk inda kalmar ta fito ba. Inda aka ce yara suna sauke huhuna a ƙofar shago, ko Baba yana yayyafa wa kaya ruwa don kada su bushe, wannan kayan aiki ne, matsayinsa ɗaya da danfo. Wurare huɗu ne suka fita daban.

Na farko a shafi na biyu. Kowace safiya Baba yana ɓare goro ɗaya, ya ci ɓari, ya naɗe ɗaya ɓarin a jiƙaƙƙen ƙyalle ya sa a aljihu, ya ce na baƙo ne. Da a nan aka tsaya, da sai mu ce ɗabi'ar dattijo ce aka zana, shi ke nan. Amma a lura da cewa goron da Bahaushe ke fatauci, wato gwanja, gida biyu yake rabuwa, kuma 'ya'yan Baba biyu ne. A wannan shafin ba ni da ikon cewa komai tukuna. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba ta isa hujja ba.

Na biyu a ranar da dangin wani ɗan kasuwa suka zo neman auren Hajara. Sun kawo marsa, manya, jajaye. Baba ya ɗauki ɗaya ya ɓare a gaban baƙi, sai ga sankara ta cinye cikinsa. Bai ce uffan ba, ya haɗe ɓarin biyu ya sa a aljihu, aka ci gaba da gaisuwa. Shafi huɗu bayan nan aka gano manemin yana da bashin da ya ɓoye, maganar aure ta watse. A nan marubuciyar ta tsayar da tafiyar labari, ta kashe sakin layi guda a kan goro ɗaya, ta sa idonmu a kan hannun Baba. Ba ta taɓa yi wa danfo haka ba. Kuma abin da goron ya nuna ya riga abin da ya faru zuwa, yadda Laraba ke nuna Juma'a.

Na uku shi ne ya fi kama ni, kuma shi ne ƙashin bayan hujjata. Bayan rasuwar Baba, ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Hajara rigarsa a leda. Ta laluba aljihu, ta samu ƙyallen nan ya bushe, ɓarin goron cikinsa ya ƙanƙance ya yi tauri kamar tsakuwa. A tambayi kai: me ya kawo goro ɗakin asibiti? Ba shago ba ne, ba wurin ɗaurin aure ba, babu al'adar da ta wajabta shi a nan. Da tasbaha ta samu, ko makullin shago, ko canjin mota, da ba wanda zai ce labarin ya yi giɓi. Marubuciyar ta ɗauko goron daga inda ya saba zama ta kai shi inda ba a neme shi ba, kuma ta kai shi a sauye: ɗanye a shafi na biyu, mai sankara a na takwas, busasshe a na goma sha huɗu. Baƙon da ake ajiye wa rabo bai zo ba, ko kuma, in mai karatu ya so, ya zo ɗin, baƙon da ba ya cin goro. Arashi yana iya maimaita abu sau goma, amma ba ya sa abin ya tsufa tare da mutanen labari.

Na huɗu a tasha. Tun farko an gaya mana Hajara ba ta cin goro, ɗacinsa take gudu. Da Sabi'u zai hau motar Kano, ta sayi guda a wajen mai talla, ta ɓare, ta ba shi ɓari, ta tauna nata. Jimlar ƙarshe ta labarin tana cewa ta kurɓi ruwa, sai ta ji zaƙi-zaƙi a bayan harshenta. Duk mai cin goro ya san hakan gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. A nan ne rabuwar gida biyun da na ƙi dogara da ita a shafi na biyu ta samu gindin zama: ɓari ya tafi Kano, ɓari ya zauna Agege. Cire wannan goron, labarin ba shi da ƙarshe, sai dai mota ta tashi kawai.

Malam ya tambaye ni, to me goron yake nufi? Na ƙi ba shi kalma ɗaya, kuma har yanzu ina kan bakana. Akwai alamomin da al'ada ta riga ta yanka wa ma'ana: in makaɗin fada ya ce giwa, ba sai an yi bayani ba, in aka ce hankaka, kowa ya tuna mai da ɗan wani naka. Goro ma ya shigo labarin da kayansa a ka, na gayyata, na albishir, na Sallah, na ɗaurin aure. Amma marubuciyar ba ta tsaya a kan gadon ba. A wajenta goro rabo ne da ake ajiye wa wani, abu ne da ke mutuwa in an daina kula da shi, kuma gida ne da ya rabu biyu. Mai sharhin da ya rubuta "goro yana alamta zumunci" ya wuce, bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da kashi biyu cikin uku.

Akwai wurin da na yarda zance bai yanke sarai ba, wato kukan jirgin ƙasa. Sau uku aka ji shi. Layin dogo ya ratsa Agege, don haka wanda ke zaune kusa da shi zai ji jirgi ko marubuci ya so ko bai so ba. Sai dai biyu daga cikin ukun sun faɗo daidai lokacin da Baba ke maganar Kano, kuma a na biyun ya yi shiru har kukan ya wuce. Na ukun ya zo ne Hajara tana wanke-wanke, ba abin da ya biyo bayansa. Hukuncina shi ne alama ce da aka fara saƙawa aka bari a kan masaƙa. A sharhi, abin da ya dace a ce a kanta shi ne "akwai alamun", ba "marubuciyar tana nufin" ba. Haka nan goron abata da maƙwabcinsu Bayarabe ya kawo gaisuwar ta'aziyya, wanda ya rabu gida huɗu. Yana da ban sha'awa ƙwarai a gefen gwanja mai gida biyu, amma sau ɗaya ya fito, a rabin jimla, don haka na ambace shi na bar shi.

Wata 'yar'uwa a zaman ta ce mu huta da gardama, ga mai labarin nan zaune, a tambaye ta. Na roƙi kada a yi, kuma ba don raini ba. Ranar da labarin ya fita, mai karanta shi a Sabon Gari ko a Alaba Rago ba zai same ta kusa ba, takarda kawai zai riƙe. In ta ce ta nufi danfo da wata ma'ana, sai mu ce niyya ce da ba ta sauka a shafi ba. In ta ce goron asibiti haka nan ya zo mata, sai mu ce ta yi ta bitar labarin tana yanke jimloli, kamar yadda gyare-gyaren biro a kwafin da ta ba mu suka nuna, amma ta bar wannan. A shafi na goma sha huɗu ma an ga inda ta fara rubuta "makulli", ta soke, ta rubuta "ƙyallen goro" a samansa.