Sanarwar Horar da Matasa Sana'o'in Hannu Kyauta a Kano

Gidauniyarmu tana sanar da matasa maza da mata na ƙananan hukumomin Dala, Fagge da Gwale cewa ta buɗe karɓar takardun neman shiga horon sana'o'in hannu na wata shida, wanda zai fara ranar Litinin, 8 ga Yuni, 2026, bayan an kammala hidimar Babbar Sallah. Gurbi 120 ne kawai, kuma an ware wa mata rabinsu.

Za a koyar da ɗinki, da gyaran wayar hannu, da haɗa wutar sola, da walda, da aikin famfo, kuma sana'a ɗaya kowa zai zaɓa. Wata biyu na farko a cibiyarmu za a yi su, sauran huɗun kuwa a shagunan ƙwararrun masu sana'a, inda mai koyo zai riƙe almakashi ko sukundireba da hannunsa, ya ga yadda ake ciniki da mai kawo aiki. Za a riƙa ba da kuɗin mota duk mako. Wanda ya kammala zai karɓi takardar shaida da kayan fara aiki, kamar keken ɗinki ko akwatin kayan gyara, amma ba za a raba tsabar kuɗi ba.

Mai nema ya kasance ɗan shekara 18 zuwa 30, mazaunin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku, wanda ba ya da aikin albashi kuma ba ya karatu a babbar makaranta. Ba a neman takardar sakandare, domin wanda ya yi karatun allo ko na Islamiyya daidai yake da ɗan boko a wurinmu. Za a ba marayu, da zawarawa, da masu buƙata ta musamman fifiko. Sharaɗin da ba mu sassautawa shi ne halarta daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, saboda duk wanda ya karɓi gurbi ya daina zuwa ya tauye wani ne.

Ana karɓar fom a ofishinmu da ke kan titin Katsina, a unguwar Kurna, inda ma'aikatanmu za su taimaka wa wanda ba ya iya cikewa da kansa. A dawo da shi tare da hoton fasfo biyu, da kwafin takardar NIN, da wasiƙar shaida daga mai unguwa. Fom kyauta ne, kuma ba mu wakilta kowa ya karɓi ko kwabo da sunanmu ba.

Za a rufe karɓa ranar Alhamis, 30 ga Afrilu, 2026, da ƙarfe 4 na yamma. Waɗanda aka zaɓa za a kira su ta lambar da suka rubuta a fom domin tantancewa ranar Asabar, 9 ga Mayu, don haka a tabbatar lambar tana aiki.