Addu'ar Buɗe Taron Gidauniyar Sake Gina Makarantarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, mu ɗaga hannu.

Ya Allah, Kai Ka tashe mu da rai da lafiya, Kai Ka tara mu a wannan fili. Mun gode maka. Wasu da muka zauna da su bara yau suna kwance a makwancinsu. Ya Allah Ka jiƙansu, Ka haskaka kabarinsu, Ka kyautata tamu bayan tasu.

Ya Rabbi, Ka fi mu sanin abin da ya tara mu. Ruwan daminar nan ya kwantar da ajujuwa 3 a makarantar 'ya'yanmu. Ka ga yaran nan zaune a gindin bishiya, littafi a kan gwiwa, iska na kwashe takardunsu, malaminsu na rubutu a kan allon da aka jingina da dutse. Ba mu kuka da hukuncinka. Mun zo neman ƙarfin da za mu gyara.

Ya Allah, ba a ɓoye maka komai: akwai saɓani a tsakaninmu. Akwai waɗanda suka shigo wurin nan ba su gaisa ba. Kai Ka haɗa zukatan Ausu da Hazraju a Madina bayan gabar shekara da shekaru, suka wayi gari 'yan'uwan juna. Tamu ba ta kai tasu ba. Ka wanke mana ƙirji, Ka raba mu da gaba da hassada da jin kai. A Suratush Shura Ka yabi bayinka da al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Ka sa mu cikinsu yau. Wanda zai tashi ya yi magana, Ka warware masa harshe ya faɗi gaskiya cikin ladabi. Mu da za mu saurara, Ka ba mu haƙurin jin ta ko da ɗaci.

Ya Allah, akwai uwar marayun da ta ƙullo ɗan abin da ta samu a bakin zanenta ta zo da shi. Ka sa masa albarka kamar na mai yawa. Mu kuma da za a danƙa wa amanar abin da aka tara, ni ne na farko, Ka tsare hannunmu, kada ko ƙwandala ta bi inda ba a nufa ba.

Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka shiryar da matasanmu, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Baƙinmu da suka taso daga nesa, Ka mai da kowa gidansa lafiya.

Amin summa amin. Mu shafa Fatiha.