Fassarar takardar da likita ya rubuta wa Baba zuwa Asibitin Malam

Salamu alaikum Yaya, ya mai jiki? Na ga hoton takardar da ka turo, sai da na gama aikin dare sannan na zauna a kanta. Na kasa barci da na ji Inna na kuka a waya wai an ce ƙodar Baba ta mutu, wallahi likita bai rubuta haka ba, wanda ya karanta muku a bakin asibiti sakamakon kawai ya ɗauko ya bar dalilan. Ga ta nan layi bayan layi, inda ka ga na ce "ni Hadiza" to bakina ne ba na likita ba.

14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga likitan ƙoda, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Game da Malam Haruna, namiji, shekara 58, manomin shinkafa daga yankin Auyo.

Ranka ya daɗe, ina turo maka wannan bawan Allah ka duba shi da wuri, cikin satin nan in da hali, saboda ina zargin ƙodarsa ta samu rauni wanda ya daɗe, kuma abin da muke da shi a nan ba zai isa mu tabbatar ba.

Ya zo mana da kumburin ƙafa na wata 2, da kumburin fuska da safe wanda yake sacewa in rana ta yi, da kasala da rashin cin abinci, fitsarinsa na kumfa kuma yana tashi fitsari sau 3 zuwa 4 cikin dare. Ba ya amai, numfashinsa ba ya sarƙewa in ya kwanta, bai ga jini a fitsari ba. Yana da hawan jini shekara 6, an ɗora shi kan lisinofiril amma ba kullum yake sha ba. Kusan shekara 2 yana shan diklofenak na kemis saboda ciwon baya, yawancin kwanaki, yana kuma shan jiƙon gargajiya da ba mu san abin da ke ciki ba.

Da na duba shi: yana cikin hayyacinsa, idonsa ya yi fari, ba shawara. Awon jini 170 bisa 100, na sake bayan ya huta bai sauka ba. Ƙafa ta kumbura har ƙauri, in an danna tana lotsawa. Ƙirji wasai, jijiyar wuya ba ta cika ba, ba ruwa a ciki, mafitsara ba ta kumbura ba.

Gwaji: furotin a fitsari alamar tarawa 3. Kiriyatinin 410. Fotasiyam 5.4. Yawan jini kashi 26. Suga kafin karin kumallo 5.2. Ciwon hanta nau'in B ba a samu ba.

Ni Hadiza: kiriyatinin wani datti ne da ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari, ga babban namiji ba a son ya wuce wajen 110 a irin wannan ma'aunin, ka ga 410 ya yi yawa, ba zan ɓoye maka ba. Fotasiyam kuma gishirin jini ne da ake so ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, in ya haura sosai zuciya yake taɓawa. Yanzu ga wurin da na fi so ka karanta a nutse, har ka karanta wa Inna sau biyu.

Likita ya ci gaba. Tunanina: kumburi irin wannan daga zuciya ko hanta ko ƙoda yake fitowa. Zuciya ba ta cika kama da ita ba, tunda ƙirji wasai ne, jijiyar wuya ba ta cika ba, yana kwanciya ba haki, sai dai ba mu yi hoton zuciya ba. Hanta ma ban fi zarginta ba, tunda ba shawara, ba ruwa a ciki, gwajin nau'in B bai nuna ba. Ƙoda na fi zargi saboda furotin a fitsari da hawan kiriyatinin. Ina ganin abin ya daɗe saboda ƙarancin jini da fitsarin dare da shekarun da ya yi da hawan jinin da bai daidaita ba, amma gwaji ɗaya tak nake da shi, ba wani na baya da zan gwada da shi, don haka mai yiwuwa ne akwai sabon rauni a kan tsohon, daga diklofenak ko jiƙo, wanda zai iya sauƙi in an daina. Suga ba na jin ita ce sila. Ban kawar da toshewar hanyar fitsari daga kumburin furostet ba, wato 'yar tsokar da ke ƙasan mafitsarar namiji, duba da shekarunsa, domin ba mu da na'urar hoton ciki.

Abin da na yi: na tsayar da diklofenak da duk danginsa, da jiƙon. Na dakatar da lisinofiril na ɗan lokaci saboda fotasiyam ya hau, har sai ka ga dacewar mayar da shi. Na ɗora shi kan amlodifin miligiram 10 sau ɗaya a rana, da furosamaid miligiram 40 da safe. Ban ƙara masa jini ba saboda jikinsa na ɗauke da ruwa kuma ƙarancin jinin bai galabaitar da shi ba.

Abin da nake roƙo: a yi hoton ƙoda da mafitsara a ga girman ƙodar da ko akwai toshewa, a maimaita gwajin jini, a tantance sila da matakin ciwon, a ba mu shawara kan maganin hawan jini da ƙarancin jinin. Za mu ci gaba da bibiyarsa a nan bisa abin da ka tsara. Na gode.

Ƙasa akwai sa hannun likita da hatimin asibiti, iyakar takardar ke nan.

To Yaya ka lura, "ina zargi" ya ce, kalmar da ya sa da Turanci ta zato ce mai ƙarfi amma ba hukunci ba, na daɗe ina juya ta kafin na bar ta haka don ban so na sassauta ta na yaudare ku, ban kuma so na ƙara mata gishiri. Haka maganar furostet, bai ce Baba na da shi ba, cewa ya yi bai samu damar cire shi daga lissafi ba, kuma in shi ne ma abu ne da ake iya buɗewa. Wankin ƙoda da ake ta faɗa a gida ko sau ɗaya bai fito a takardar ba, likitan Kano ne zai yi wannan maganar in ta taso, bayan hoto da gwaji.

Lisinofiril ɗin nan dan Allah a ɗauke shi daga kan tagar ɗakin Baba, na san shi, in ya ji kansa na sarawa zai ɓalla ya sha. Ba wai maganin ba shi da kyau ba ne, yana ƙara fotasiyam ne shi ya sa aka ce a dakata. Ciwon baya kuma farasitamol kawai, kar wani ya je kemis ya haɗo masa. A rage gishiri da magi, kanwa a bar ta gaba ɗaya, ayaba da lemo da dabino a ɗan ja baya har a sake gwaji.

Takardar Turancin ita za ku miƙa wa likita, tawa ta gida ce. Ka saka ta a leda tare da takardun gwaji da duk kwalayen maganin har gorar jiƙon, kar a ji kunya a ɓoye, likita na bukatar ya gani. Ku yi sammako daga Hadeja don a samu yankar kati da wuri. In kafin ranar ya fara amai ba tsayawa, ko haki, ko fitsari ya ɗauke, ko ya fara ruɗewa, kar ku jira, ku wuce sashen gaggawa ko tsakar dare ne ku kira ni a hanya.

Ka ba Inna wayar in an yi sallar isha, ni zan karanta mata da bakina. Allah ya ba Baba lafiya.